Silojizim: wane sakamako ne ya zama dole?

Duk wanda ya zauna jarrabawar neman aiki a kwamfuta a nan Legas, musamman ta bankuna da manyan kamfanoni, zai iya cin karo da tambaya mai jumla biyu a sama, sai wasu biyu a ƙasa masu lamba I da II, sannan zaɓi irin su "Only I follows" da "Neither follows". Wannan shi ne silojizim, wanda ɗaliban mandiƙi a zauren malamai suka sani da ƙiyasi. Aristotle ne ya tsara ƙa'idojinsa a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ma'anarsa a taƙaice: a ba ka magana biyu, ka ɗauka gaskiya ne, ka fitar da ta uku wadda ba makawa sai ta zama gaskiya. Magana biyun suna da kalma ɗaya da suka yi tarayya a kanta, ita ce ke ƙulla su, kuma a ƙa'idar asali ba ta fitowa a sakamakon, ko da yake a jarrabawa takan fito. Mai tambayar bai damu da abin da ka sani a gari ba. Ko cewa ya yi duk kyanwa mota ce, haka za ka karɓa. Abin da yake aunawa shi ne ko kana bambanta "mai yiwuwa ne" da "dole ne".

Ga misali. Duk 'yan dakon kasuwar Mile 12 'yan ƙungiya ne. Wasu 'yan ƙungiyar a Agege suke zaune. Sakamako na I: wasu 'yan dakon a Agege suke zaune. Na II: wasu mazauna Agege 'yan ƙungiyar ne.

Na I yana da daɗi a kunne, kuma wanda ya san yawan Hausawan Agege zai ce ai tabbas. To a nan ake zamewa. Yi ƙoƙarin ƙaryata shi ba tare da ka taɓa magana biyun farko ba. Mu ƙaddara ƙungiyar tana da mutum 100: 'yan dako 40, masu sayar da gwari 60. Mu ce mutum 10 ne ke zaune a Agege, kuma dukansu cikin masu gwarin suke. Maganar farko tana nan daram, ta biyu ma haka, amma ko ɗan dako ɗaya babu a Agege. Tunda an samu hali guda da sakamakon ya rushe, na I bai biyo baya ba. Hali guda ya isa.

Dalilin shi ne kalmar da ta ƙulla su, wato 'yan ƙungiya. Maganar farko ta taɓa wani ɓangarensu ne kawai, ta biyu ma wani ɓangare, kuma babu abin da ya tilasta ɓangarorin su haɗu. Sai ɗaya daga cikin maganganun ta game dukan 'yan ƙungiyar kafin ƙullin ya kama. Da an ce duk 'yan ƙungiyar a Agege suke, da 'yan dakon ba su da mafita.

Na II kuwa ba ya ƙaryatuwa. In dai akwai ɗan ƙungiya a Agege, to akwai mazaunin Agege da ke ƙungiyar, mutum ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu. Amsa ita ce "Only II follows". Maganar "wasu" tana juyuwa haka lafiya lau, maganar "babu" ma haka. Ta "duk" ce ba ta juyuwa: duk ɗan dako ɗan ƙungiya ne, amma masu gwarin nan 60 sun isa shaida cewa ba duk ɗan ƙungiya ne ɗan dako ba.

Sai kuma "wasu", wadda ni a ganina ta fi kowace kalma cin maki. A hirarmu, idan ka ce wasu sun biya kuɗin rumfa, kowa zai fahimci akwai waɗanda ba su biya ba. A silojizim ma'anarta aƙalla ɗaya ne, kuma tana iya kaiwa har duka. Saboda haka "wasu 'yan ƙungiyar a Agege suke" ba ta ba ka damar cewa wasunsu ba a Agege suke ba, ko da zuciyarka ta raya maka hakan.

Idan an yarda ka riƙe takarda, zana da'ira ga kowane rukuni: ta 'yan dako a cikin ta ƙungiya, ta Agege kuma ta shiga ta ƙungiya. Inda ake kuskure shi ne a yi zane ɗaya, wanda ya dace da sakamakon, a ce shi ke nan. Ka ja da'irar Agege nesa da ta 'yan dako gwargwadon yadda magana biyun suka bari. In ta rabu da ita tsaf, sakamakon ya faɗi. In duk yadda ka ja ta ƙi rabuwa, shi za ka danna.