Wayarka ba ta lalace ba: makonnin da tazarar Landan da New York ke komawa awa 4

Duk watan Maris sai an ji wani yana rantsuwa cewa wayarsa ta rikice don ta nuna tazarar Landan da New York awa 4 maimakon 5, ko kuma a yi ta yaɗa cewa Amurka ta soke canjin agogo. Ba a soke komai ba. Majalisar Dattawan Amurka ta amince da ƙudirin tsayar da agogo wuri ɗaya a 2022, amma bai wuce Majalisar Wakilai ba, don haka tsohuwar doka na nan daram.

Tun 2007, Amurka na tura agogo gaba da awa ɗaya ranar Lahadi ta biyu a Maris, ta dawo da shi baya Lahadin farko ta Nuwamba. Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe ta Maris suke turawa, su dawo Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Hawaii da mafi yawan jihar Arizona ba ruwansu da canjin.

Mu ɗauki 2026. New York ta canza ranar 8 ga Maris, Landan sai 29 ga wata. A ce akwai darasin intanet da malami ke bayarwa ƙarfe 9 na safe agogon New York. Ɗalibar da ke Landan ta saba shiga ƙarfe 2 na rana, domin tazarar awa 5 ce. A waɗannan makonni uku darasin ya koma ƙarfe 1 a wajenta; in ta bi sabo, sai ta tarar ana sallama. Daga 29 ga Maris ya dawo mata ƙarfe 2. Ɗan ajinsu na Kano, inda agogo ba ya motsi, sau ɗaya abin ya taɓa shi: daga ƙarfe 3 ya koma 2, ya zauna haka har Nuwamba.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne ƙarshen shekara. Mutane na ɗauka tunda a Maris tazarar ta ragu, a Oktoba ƙaruwa za ta yi zuwa awa 6. A'a, 4 ce dai. Landan ce ke riga komawa baya ranar 25 ga Oktoba, New York kuma agogonta na nan gaba da awa ɗaya har 1 ga Nuwamba. Wannan kullum mako ɗaya ne cif, na Maris kuma biyu ko uku, gwargwadon yadda Lahadi ta faɗo.

Wayar da ke saita lokaci da kanta daidai take nunawa. Lissafin da ka haddace ne ya tsufa. Tambayi mai shirya taron da agogon wane gari ya sa lokacin, ka duba ranar. Ni dai ina ganin da sake a ce ƙasashen nan sun kasa daidaita rana ɗaya, a bar ɗalibi da mai jiran ganawar neman aiki da asara.