Farcen ƙafa ya lalace: cuta ce ko takalmi ne?

Wani bawan Allah da ke dako a wani sito a nan Jidda ya zo wurinmu da faratan manyan yatsunsa biyu, sun yi kauri sun yi duhu. Wata biyu yana shafa maganin da ya saya a saidaliyya, shiru. Na ce masa, "Malam, miƙo mini takalminka." Sau-ciki ne mai bakin ƙarfe, ya matse shi, yatsan na dukan ƙarfen tun safe har magariba.

Abin da na fara dubawa shi ne wane farce ne ya taɓu. Ɓarnar takalmi tana zuwa daidai inda ake gogayya, wato babban yatsa ko wanda ya fi tsawo, kuma sau da yawa ƙafa biyun iri ɗaya. Farcen yakan yi tauri, da layuka a kwance, wani lokaci da jini kwance a ƙarƙashi. Nasa haka yake.

Cutar fangas, 'yar'uwar makero, tafiyarta daban. Takan fara daga baki ko gefen farce ta nufi tushe, launin ya koma ruwan ɗorawa ko fari, in ka kankare ƙarƙashi sai wani gari-gari ya zubo, farcen na marmashewa. Sannan a buɗa tsakanin yatsu, musamman na ƙarshe biyu. In fatar ta yi fari tana saɓulewa da ƙaiƙayi, zargi ya ƙaru. Mu da muke alwala mu zura safa ƙafa ba ta bushe ba, ga zafin Jidda da gumi, wannan ba baƙonmu ba ne.

Na sa shi ya ɗauki hoton farcen da waya, ya sauya takalmi mai sarari kamar faɗin yatsa a gaba. Farcen ƙafa ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 a wata, sai an yi haƙuri. Bayan wata 3 tabon ya matsa gaba, sabon farce lafiyayye ya biyo daga tushe. Da fangas ne, da zai tsaya ko ya ci baya.

Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin farcen da takalmi ya raunata shi fangas ya fi saurin kamawa, sai a tarar da su tare. Shi ya sa nake roƙo kada a fara haɗiyar ƙwayar tabinafin, maganin fangas, sai an kankari farcen an duba a ɗakin gwaji. Ana shan ta kusan mako 12, kuma tana iya taɓa hanta.

Mai ciwon suga kada ya jira wata ukun nan, ya zo da wuri. Haka wanda ya ga baƙin layi a tsaye da ba ya tafiya da farce, ko yana faɗaɗa har ya hau fata, likitan fata ya kamata ya gani a makon.