Yawan ruwan da tankin siminti mai gangaren ƙasa yake ɗauka

Tankin siminti mai kusurwa huɗu, irin wanda ake ginawa a gidaje da garake a Tawa don ajiye ruwan famfo ko na damina, galibi ba a shimfiɗa ƙasansa daidai wa daida. Magini yakan ɗan karkatar da daɓen zuwa gefen da tiyon fita yake, don ruwa da laka su gangara can ranar wanki. Saboda haka zurfi biyu gare shi, kuma lissafin tsawo sau faɗi sau zurfi ba ya aiki sai an san wane zurfin za a ɗauka.

Idan daɓen ya gangara a miƙe daga bango ɗaya zuwa na gabansa, matsakaicin zurfin biyu ake ɗauka: a haɗa su, a raba biyu.

```
V = L × W × (h1 + h2) / 2
```

L tsawo ne, W faɗi, h1 zurfin gefen tudu, h2 na gefen gangare, duka da mita. Amsar tana fitowa da m³, kowane ɗaya lita 1 000. Awon ciki ake yi, bayan an gama yaɓe, kuma zurfi yana farawa daga bakin tiyon ambaliya, tun da ruwa ba ya wuce nan ko da bango ya fi haka tsayi.

A ɗauki tanki mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2,5. Zurfinsa mita 1,60 a gefen tudu, 1,80 a gefen tiyon fita. Matsakaici 1,70 ke nan. Fuskar ruwan 4 sau 2,5, wato m² 10, sai a ninka da 1,70 a samu m³ 17, lita 17 000. Wanda ya zura sanda a gefen tiyo kaɗai zai ce 18 000, ya ƙara wa kansa lita 1 000 da babu su, bido 40 masu lita 25.

Inda lissafin ya fi ruɗa mutane shi ne lokacin da ruwa ya ja baya. Muddin ya rufe daɓen gaba ɗaya, kowane santimita a wannan tanki lita 100 ne. Amma santimita 20 na can ƙasa, wato bambancin da ke tsakanin gefen biyu, siffarsu kamar bakin gatari take, kauri a wajen tiyo, sirara a wajen tudu, don haka lita 1 000 suke ɗauka maimakon 2 000. Idan sanda ta nuna santimita 90 a gefen tiyo, a cire 20, saura 70 su ba da lita 7 000, a ƙara 1 000 na ƙasa: lita 8 000.

Da zarar daɓen gefen tudu ya fara bayyana, ruwan yana raguwa ta fuska biyu, zurfi da tsawo. A santimita 10, rabin tsawon tankin kawai ya rufe, mita 2. Lissafinsa rabin 2 sau 0,10 sau 2,5, wato lita 250. Rabin santimita 20 ɗin ya bar kashi ɗaya cikin huɗu na lita 1 000 ɗin. Shi ya sa sandar awo mai zane daidai tun daga ƙasa take yaudarar mai ita a ƙarshen rani, daidai lokacin da ya fi bukatar gaskiya.

Wannan siffa tana da riba. Ana ɗaga tiyon ɗiba kaɗan daga daɓe don kada ya ja laka da ƙurar hunturu da ta kwanta. Idan an ɗaga shi santimita 10, lita 250 ne za su maƙale a ƙasansa, abin ɗiba ya zama 16 750. Da daɓen shimfiɗaɗɗe ne, lita 1 000 za su zauna banza.

Ƙa'idar tana da iyaka. In daɓen ya karkata zuwa kusurwa ɗaya amma bai lanƙwasa ba, a auna zurfin kusurwoyi huɗu a raba huɗu. In kuwa ya gangaro daga ɓangarori huɗu zuwa tiyo a tsakiya, kamar mazurari, sashen ƙasan kashi ɗaya cikin uku ne na fuskar ruwa sau bambancin zurfi, ba rabi ba. Ramin tara laka, idan akwai, a lissafa shi daban a ƙara. Hanya mai sauƙi ta gane ko daɓen a miƙe yake ita ce a auna tsakiyar tanki. A misalin nan 1,70 ya kamata sanda ta nuna. In ta nuna 1,65, ko dai magini ya bar tozo, ko laka ta taru, sai a yashe a sake awo.