Direfin: fidda salon ɗinki a jikin dami da akoko da fil

Direfin hanya ce ta fidda salon riga inda tela zai ɗora ƙyalle mai araha a jikin mutum-mutumin ɗinki, wanda teloli ke ce wa dami, ya riƙa shafa shi da hannu yana kafe shi da fil yana datse rara da almakashi har siffar rigar ta fito, ba tare da ya fara zana faten a takarda ba. Faransawa na kiran aikin mulaj. Ƙyallen da aka fi amfani da shi shi ne akoko, wato farin yadin audugan nan mara rini, saboda ba shi da tsada kuma zarensa a fili yake, kana kallo ka san ina ya nufa. In an gama sai a cire akokon a shimfiɗa a tebur, shi ne zai zama ma'aunin da za a yanka kayan gaske da shi.

Teloli a Kano galibinsu ba da faten suka koyi yanka ba balle dami, tef ne da alli, a auna mutum a rubuta a littafi a zana kai tsaye a jikin atamfa a sa almakashi. Wannan hanyar tana aiki lafiya lau a buba da kaftani da doguwar riga mai sakin jiki. Inda take ba da wahala shi ne rigar da ta kama jiki, irin ta amarya, ko mai tattara a gefe ɗaya, domin lambar tef za ta gaya maka ƙirji inci 40 ne amma ba za ta gaya maka yadda inci 40 ɗin ya rabu tsakanin gaba da baya ba.

Wadda aka fi ambata a tarihin wannan aiki ita ce Madeleine Vionnet, Bafaranshiya da ta rayu daga 1876 zuwa 1975, ita ta shahara da yankan karkace, wato yanka yadi ta kusurwa maimakon bin zarensa, kuma a kan ƴar tsana ta katako mai tsawon kusan santimita 80 take fara gwada salonta kafin a mai da shi girman mutum. Kamfanin Stockman na Paris kuwa tun 1867 yake ƙera dami.

Dami da shirya shi

Ba kowane mutum-mutumi ne ke wannan aikin ba. Na roban nan da ake rataya wa abaya a bakin shago na talla ne kawai, fil ba ya shigarsa, kuma ƙugunsa ba irin na mutane ba ne. Damin aiki an lulluɓe shi da ƙyalle a kan abu mai ɗan taushi, yana da ɗinki a tsakiyar gaba, tsakiyar baya, gefe da kafaɗa, ba shi da kai ba shi da hannu. Wannan ma ya sauƙaƙa wa teloli a nan, tunda lokacin da Hisba ta yi maganar mutum-mutumin shaguna a 2021 masu kai ne aka fi nufi.

A sayi dami da ya ɗan gaza mai kayan, ba wanda ya fi ta ba, domin ƙarami ana iya cika shi amma babba ba yadda za ka yi da shi. A ce Hajiya ƙirjinta 40 ƙugunta 32, dami kuma 38 da 30 ne. Sai a sa masa rigar mama irin wadda take sakawa, a cusa auduga, a naɗa siririn soso ko auduga a ƙugu, ana yi ana aunawa har tef ya nuna 40 da 32. Amma fa a lura da inda ƙarin ya kamata ya zauna, in ita cikinta ne ya fito ka je ka tara audugar a baya, tef zai ba ka lamba daidai amma jikin wata ka gina. Tela namiji da ba zai taɓa jikin matar mutane ba, nan dami ke masa rana sosai, wata mace ta auna masa ita da kyau sau ɗaya, sauran shafe-shafe da kafe-kafe duk a jikin dami za a yi su.

Zaren yadi

Duk wanda bai gane wannan ba to fil ɗinsa banza yake kashewa. Yadin saƙa zare biyu ne, na tsaye wanda ya bi tsawon yadin daidai da bakinsa, da na kwance wanda ya gitta shi. Na tsaye ya fi ƙarfi, ba ya miƙewa. Na kwance yana ɗan ba da kai. In kuma ka ja yadin ta kusurwa, tsakanin su biyun, sai ka ga ya miƙe kamar roba, wannan shi ne karkace. A riga ta yau da kullum zaren tsaye yana sauka ne daga wuya zuwa ƙasa a tsakiyar gaba, na kwance kuma ya zagaya ƙirji a miƙe kamar an ɗora shi a kan ruwa.

Shi ya sa in za a ciro akokon direfin daga jikin yadi ba a yanka shi da almakashi, yaga shi ake yi, a ɗan tsaga baki a ja, zai yage a kan zare ɗaya. Sau da yawa akokon da ka sayo a Kantin Kwari za ka tarar ya goce tun daga naɗi, in ka ninka kusurwa ba ta haɗuwa. Sai a kama kusurwa biyu masu fuskantar juna a ja har ya dawo, a bi shi da guga. Mutane na tsallake wannan saboda sauri, daga baya rigar ta riƙa juyawa gefe ɗaya a jiki su rasa dalili.

Yadda ake fidda gaban riga

A ɗauki damin Hajiya na ɗazu. Rabi ɗaya kawai ake yi, yawanci ɓangaren dama, tunda ɗayan kwafinsa ne. Daga gindin wuya ta kafaɗa zuwa ƙugu a ce inci 17, a ƙara 5, tsawon akoko ya zama 22. Daga tsakiyar gaba zuwa ɗinkin gefe ta kan ƙirji a ce 10 da rabi, a ƙara kamar 4, faɗi ya kusa 15. A ninke inci 1 a gefen tsawo a goge, wannan ninkin shi ne tsakiyar gaba. Sai a ja layi da fensir a kan zaren kwance daidai inda tsinin ƙirji zai faɗo, a sa alamar tsinin a kai.

Fil na farko a tsinin ƙirji yake shiga. Daga nan a kafe ninkin a kan tsakiyar dami, a wuya, a ƙirji, a ƙugu. A tsakanin nonuwa kar a danna akokon ciki, a bar shi ya haye kamar gada, haka riga take zama a jikin mutum. Sai a kai layin fensir ɗin nan zuwa gefe a miƙe, kar ya sunkuya kar ya ɗaga, a kafe.

Yanzu akokon zai taru a wuya ya ƙi kwanciya. Ba ja ake yi ba, ana ɗan tsattsaga rarar da ke saman layin wuya ne da bakin almakashi, tsaga kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa layin ba, kana yi kana ganin ƙyallen yana saki yana kwanciya da kansa. Haka za a yi a ƙasan ƙugu. Shafa kuma da tafin hannu ake yi a hankali, bin zare, in ka matsa da yatsa ta karkace zai miƙe ya yi lumui a dami ya ruɗe ka, ana cire fil ya koma yadda yake.

In an shafa daga wuya zuwa tsakiyar kafaɗa, an kuma shafa daga gefe zuwa sama ta hammata, za a ga rarar ƙyalle ta tsaya a kafaɗa kamar kunne. Wata rarar kuma tana lilo a ƙarƙashin ƙirji, saboda faɗin da ya rufe 10 da rabi a ƙirji ya yi wa ƙugu yawa, can 8 da ɗan kai ake bukata. Waɗannan rarar biyu su ne dat, wato rarar da ake ninkewa a ɗinke don riga ta bi jiki. Ba tela ne ya ƙirƙire su ba, tudun ƙirji ne ya haife su, kuma a nan direfin ya fi koyarwa: rarar ba ta ɓacewa, sai dai ka canja mata wuri. Cire fil ɗin kafaɗa ka shafo ƙyallen ƙasa ta hammata, duk ta gangaro ƙugu ta zama dat ɗaya babba, layin fensir kuma ya sunkuya a gefe, wannan karon da gangan. Ko ka tura ta gefe, ko ka kai ta wuya ka yi tattara da ita, ko ka ɓoye ta cikin ɗinkin firinses, wato dogon ɗinkin da ke saukowa ta kan ƙirji zuwa ƙugu. Salo huɗu kenan daga ƙyalle ɗaya cikin ƴan mintuna.

Dat ba ya kaiwa har kan tsinin ƙirji, ana tsayar da shi rabin inci zuwa inci 1 kafin nan, in ya kai sai wurin ya yi tsini kamar mazurari. Kuma kafin a rufe ƙugu a ɗan tsunkule kamar kwatan inci a bari, dami ba ya numfashi ba ya cin tuwo, Hajiya tana yi.

Alama da daidaitawa

Kafin a cire komai a bi da fensir a ɗiga layin wuya, kafaɗa, hammata, gefe, ƙugu da ƙafafun dat biyu, a sa gicciye a duk inda layi biyu suka haɗu. A tebur sai a haɗa ɗigon da rula, a ninke dat a ga ko ƙafafunsa tsawonsu ɗaya, a gwada gefen gaba da na baya, wanda shi ma a jikin dami aka fidda shi. In rigar mai hannu ce a sauke hammata kamar inci 1 a ƙara faɗin rabin inci a gefe, in ba haka ba mai kaya ba za ta iya ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali ba. Sannan a ƙara rarar ɗinki, a sake haɗa gaba da baya da fil a mayar kan dami a duba.

Akoko yana faɗin laifinsa. Layukan ja da suka fito daga wuri ɗaya kamar haskoki suna nuna wurin ya matse, ƙyalle ya yi kaɗan a nan. Ninki mai laushi da ya sauko tsaye yana nufin faɗi ya yi yawa, wanda ya kwanta a gicciye kuma tsawo ne ya yi yawa. In ɗinkin gefe ya karkato gaba, gaban ne ya ja shi, a koma a duba layin ƙirji. Wuya ko hammata da ke buɗe baki kuwa rarar dat ce ta maƙale a can ba a kwaso ta ba.

Iyakarsa

Akoko yana kwaikwayon kaya masu jiki ne, atamfa, shadda, yadin auduga. Shifon ko siliki ko yadi mai talewa ba haka suke zuba ba, don haka a nemi mai araha mai irin nauyinsu a yi gwajin da shi. Atamfa kuma tana da zane, dat ɗin da ya yi kyau a farin akoko zai iya raba fure biyu a tsakiyar ƙirji, gara a ɗora akokon a kan turmin a ga inda zanen zai faɗa kafin a yanka. Sannan yana cin lokaci da yadi, ba aikin da za a fara ana saura kwana uku sallah ba ne, kuma ko an gama sai mai kayan ta saka gwajin ta zauna ta tashi ta sunkuya a ciki, tunda dami a tsaye yake kullum.