Rahoton kuɗin masallaci na shekara: yadda ake karanta shi

Malam, kwamitinmu ya ce akwai ragowar naira 950,000 a asusu, amma sun ce ba kuɗin gyaran rufi. Yaya haka?

Ɗan'uwa, hakan na iya zama gaskiya, sai an duba inda kuɗin suka fito. Mu ɗauki misali. A ce an shigo shekara da ragowar 150,000. Asusun Juma'a yana kawo 20,000 a mako, wato 1,040,000 a mako 52. Hayar shagunan wakafi ta kawo 360,000, sannan jama'a suka tara 800,000 don sa sola. Jimla 2,350,000 ke nan. Aka kashe 620,000 a man janareta da kuɗin wuta, 600,000 a ihsanin liman da na'ibi da ladan, 180,000 a gyaran famfon alwala, duka 1,400,000. Saura 950,000.

To amma 800,000 daga ciki na sola ne. Wanda ya bayar, don sola ya bayar, kuma amana ce. Ba a karkatar da su zuwa rufi sai an koma an nemi yardar masu bayarwa. Abin da kwamitin zai iya taɓawa 150,000 ne kawai. A ganina laifinsu ɗaya: sun karanto jimla ba su raba ta gida biyu ba, shi ya sa zargi ya shigo.

Zakka fa, tana shiga lissafin?

A shafinta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kaso takwas na masu cin zakka, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi ginin masallaci da ita ba. A faɗi nawa aka karɓa da mutum nawa aka bai wa, amma kada a kira sunan mabuƙaci a lasifika.

Ta yaya zan gane lissafin ba kame-kame ba ne?

Ragowar da aka fara da ita ta zo daidai da wadda aka rufe rahoton bara da ita. Kuɗin da ke banki, haɗe da tsabar da ke hannun ma'aji, su yi daidai da ragowar bana. Ka kuma tambayi wa ke ƙirga kuɗin Juma'a: ya kamata mutum biyu ko uku su ƙirga tare, su sa hannu a littafi nan take. In ka ga layin "sauran abubuwa" ya yi ƙiba, nemi rasit. Siminti da kafet da aka kawo kyauta su ma a rubuta su, ko da ba kuɗi ba ne.

Shirin baɗi kuma?

"Za mu gyara rufi in sha Allahu" bai isa ba. A faɗi bandir nawa na kwano ake buƙata, nawa kafinta ya yanka, nawa ke hannu, kuma ko za a gama kafin damina ta sauka.