Rasit ɗin Maraɗi ya ce 371.875, nawa ke nan a gaskiya?

*Salam Malam. Wani ɗan'uwa ya turo min hoton takardar kaya daga Maraɗi da Faransanci, na sa a manhajar waya ta karanta ta fassara, sai ta ce kuɗin duka sefa 371.875 ne. Katan 25 na taliya fa. Ni dai ban gane ba.*

Wa'alaikumus salam Alhaji. Sefa dubu ɗari uku da saba'in da ɗaya da ɗari takwas da saba'in da biyar ne. Wannan ɗigon da ka gani a tsakiya, a rubutun ƙasashen Faransanci kamar Nijar da Benin da Kamaru, aikinsa shi ne raba dubbai, wato aikin da waƙafi yake yi mana a Najeriya. Mu muna rubuta 371,875.00 su kuma su rubuta 371.875 ko su bar ɗan fili kawai 371 875, in kuma ɓarin lamba suke nufi sai su sa waƙafi, kilo biyu da rabi a wajensu 2,5 ne. Ita manhajar kalmomi take fassarawa, lambobin kuwa sau da yawa sai ta kwaso su yadda suke ta ajiye maka a cikin Turanci ko Hausa, kai kuma ka karanta da idon ɗan Kano, shi ke nan kuɗi ya ragu sau dubu ba tare da an taɓa ko lamba ɗaya ba.

Bari mu bi takardar taka layi layi. Za ka ga 25 a gurbin adadi, 12.500 a gurbin farashin guda, sai 312.500 a gefen HT wato kuɗi kafin haraji. Ƙasa da shi akwai TVA 19% wato harajin kansa, wanda ya kama 59.375, sai TTC 371.875 wanda shi ne jimla da haraji a ciki, shi za ka biya. Ka buga da kanka, 25 sau 12,500 ya ba da 312,500, kashi 19 cikin ɗari na wannan 59,375 ne, ka haɗa su 371,875. To amma ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin mutane da yawa nan suke sakin jiki: in ka ɗauki ɗigon a matsayin na ɓari a ko'ina, lissafin zai ci gaba da fita daidai, 25 sau 12.5 ya ba da 312.5 ba ƙari ba ragi. Wato lissafi ba ya kama kuskuren da ya shafi duka layukan iri ɗaya. Abu biyu ne ke kama shi. Na farko hankali, ba katan ɗin taliya na sefa goma sha biyu da rabi, kuma sefa ma ba a cinikinta da ɓari, ba ta da kwabo a hannun mutane. Na biyu layin nan na ƙasa da ake rubuta kuɗi da kalmomi, wanda yakan fara da "Arrêtée la présente facture à la somme de", in ka ga kalmar mille a cikinsa to dubu ne, an gama magana. Shi ya sa nake jin haushi in aka ɗauki hoto aka yanke gindin takarda, ai nan shaidar take.

*To ashe lissafin ba shi da amfani ke nan?*

A'a yana da shi sosai, sai dai wani irin ciwo daban yake ganowa. Ɗigo da waƙafi su ne mafi ƙanƙanta a kan takarda, kuma su ne farkon ɓacewa a hoto, musamman rasit ɗin nan na injin POS da zafi ke kodar da shi ko wanda aka ninke a aljihu ya sha gumi, sannan WhatsApp ya ƙara matse hoton. Sai 2,5 ta koma 25, ko wani ɗan datti ya zama ɗigo a inda babu. Wannan kuskuren layi ɗaya yake shafa, don haka da ka ninka adadi da farashi za ka ga bai kai jimlar layin ba. Kilo 2,5 a kan 4.000 ya kamata ya ba da 10.000, in manhaja ta ce maka 25 ne ai da 100.000 za ka gani a gefe. In bambancin ya zo sau goma ko sau ɗari cif, kar ka nemi komai, waƙafi ne ya faɗi. In na hannu aka rubuta kuma ka kula da 1 ɗin 'yan makarantar Faransanci, suna ja mata doguwar wutsiya ta gaba har ta yi kama da 7, ita 7 ɗin tasu kuwa da sanda a ciki take zuwa.

*Ni kuma kwanan wata ne ya rikita ni. An rubuta 06/09/2024, a biya cikin kwana 30.*

Hajiya wannan sai mun san daga ina takardar ta fito. In daga Najeriya ne ko Nijar ko Ingila ko Turkiyya, rana ce a gaba, 6 ga Satumba ke nan, wa'adinki ya cika 6 ga Oktoba. In kamfanin Amurka ne wata ne a gaba, 9 ga Yuni, wa'adin ya cika tun 9 ga Yuli. Kusan wata uku tsakani, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Abin da nake yi shi ne in bincika takardar kaf in nemi wani kwanan watan da ke da lamba sama da 12, ko na tura kaya ko na hatimi, da na ga 09/25/2024 na san wata ne a gaba tunda ba wata na 25. In ban samu ba sai in duba ranar mako in an buga ta, 6 ga Satumba 2024 Juma'a ce, 9 ga Yuni kuwa Lahadi. In duk babu, to a tambayi mai takardar, kuma a fassara kar a yi canke, a bar shi yadda yake a rubuta a gefe cewa yana iya zama ɗaya daga biyun. Wanda kuma aka tabbatar, a rubuta sunan watan da kalmomi, 6 ga Satumba 2024, kar a sake mayar da shi lambobi zalla.

Wani abin da ya taɓa cin min rai, na kwashe kwanakin rasit kusan arba'in na zuba a Excel wanda saitinsa na Amurka ne ban sani ba. Duk wanda ranarsa ba ta wuce 12 ba sai ya juya shi shiru, 06/09 ya zama Yuni, waɗanda suka wuce 12 kuma ya bar su a matsayin rubutu kawai. Yadda na gano shi ne wasu sun jingina dama wasu hagu a layi ɗaya. In kika ga haka a naki, tsaya ki gyara kafin ki ci gaba, ko tun farko ki shigar da su da shekara a gaba kamar 2024-09-06.

'Yan China dama shekara suke sawa a gaba, sai wata sai rana, matsalar kawai in sun gajarta shekarar, 24-03-12 nufinsu 12 ga Maris 2024, mu kuma za mu karanta 24 ga Maris 2012. Takardun Saudiyya kuma wani lokaci Hijira ce, 1445/09/10 shi ne 10 ga Ramadan 1445, wanda ya zo daidai da 20 ga Maris 2024, wannan 09 ɗin ba ruwansa da Satumba.

*Rasit ɗin Larabci fa? Na taɓa ganin 50 ta koma 0.*

Eh wannan sananne ne. Biyar ta Larabci ٥ da'ira ce mai kama da sifilinmu, sifilinsu kuma ٠ ɗigo ne kawai, don haka ٥٠ in aka karanta ta da saitin Turanci sai ta fito sifili da ɗigo. Shidansu ٦ kuma tana kama da 7. Mu da muka yi allo idonmu ya san su, injin ne ke buƙatar a gaya masa Larabci ne kafin ya fara karatu. Sannan akwai tarko na biyu da ko malamin Larabci yana faɗawa: dinarin Kuwait da na Bahrain da na Jodan da na Tunisiya da riyal ɗin Oman duk kashi dubu ake raba su, don haka lambobi uku ne bayan ɗigo. 12.500 a rasit ɗin Kuwait dinari goma sha biyu da rabi ne, rubutun iri ɗaya sak da na Maraɗi amma can sefa dubu goma sha biyu da ɗari biyar ne. Ka ga ke nan dokar nan ta cewa in lamba uku ta biyo ɗigo to dubu ne ba ta tafiya ko'ina, sai ka fara sanin wane kuɗi ne.

*Alamar kuɗi ba ta isa ta nuna ƙasa ba?*

Ba ta isa ba wallahi. ¥ ta yuwan ɗin China ce kuma ta yen ɗin Japan ce, darajarsu kuwa nesa da juna, sai ka nemi CNY ko RMB, ko JPY. $ akwai ta Amurka akwai ta Kanada da Hong Kong da wasu. FCFA, alamar sefa, ita ma kala biyu ce, ta Nijar da Benin XOF, ta Kamaru da Chadi XAF, darajarsu a hukumance ɗaya, sefa 655 da 'yan ɓari a kan yuro guda, amma bankunan da ke buga su daban ne kuma takardar kuɗin wannan ba ta ciniki a shagon wancan, don haka in kana cike fom ɗin banki sai ka bambance. Ita kanta ₦ tamu sau da yawa manhaja na mayar da ita N ko # ko ta cinye ta gaba ɗaya. In alamar ta ɓace ka duba sunan haraji da kasonsa, yana nuna gida: VAT 7.5% Najeriya, TVA 19% a takardar Maraɗi Nijar, KDV Turkiyya, 15% da Larabci galibi Saudiyya, 5% Dubai. A takardun Gwanzu ta China kuma ka sa ido kan harafin 万, dubu goma yake nufi, 3.5万 dubu talatin da biyar ne, in hoton ya shafe shi sai a bar ka da uku da rabi.

*In na zo rubuta fassarar da Hausa, in ce jaka nawa?*

Kar ka sa jaka a takardar kuɗi Malam. Jaka a bakin mutumin Nijar sefa dubu ce, a bakin dattijon Kano naira ɗari biyu ce, haka dala can sefa biyar ce, in ya ce dala ɗari sefa ɗari biyar yake nufi, wani kuma zai ji kamar dalar Amurka ake faɗa. Ka rubuta lambar a tsarin da mai karantawa ya saba, ka bi ta da kalmomi da sunan kuɗin, sefa 371,875, sefa dubu ɗari uku da saba'in da ɗaya da ɗari takwas da saba'in da biyar, kuɗin Nijar. Kar ka canza shi zuwa naira a cikin fassarar, in mai kaya ya nema ka sa a gefe tare da farashin canji da ranar da ka ɗauko shi. Lambar rasit da lambar akawu da ta waya kuwa a bar su yadda suke, har sifilin da ke gabansu, Excel na son cinye shi, 004512 ta koma 4512 a je nema a rasa.