Me ake nufi da "ƙididdiga ta tabbatar"?

Bana dai maganar "ƙididdiga ta tabbatar" ta cika gari. Mai gabatar da shiri a rediyo zai faɗe ta, ɗan siyasa zai faɗe ta a wurin taro, mai tallar taki ma ya iya ta. Da zarar an faɗa sai a biyo da adadi, a ce kashi 60 cikin 100, kowa ya yi shiru kamar an yanke hukunci. Ba 'yan siyasa ne suka fi damuna ba, su sana'arsu ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ɗabi'ar ta shigo cikin ɗalibai a nan Zariya, garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar binciken aikin gona a Samaru inda gwaji ne aikin yau da kullum. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu zai turo saƙo ya ce: "Malam, barka da yamma. Na samu kashi 60 cikin 100, kuma `p < 0.05`. Ya yi?"

Babu malamin kirki da zai iya amsa wannan tambaya. Ba rowar ilimi ba ce. Tambayar ce ta zo da sakamako tsirara, ta bar abubuwa uku a gida: abu nawa aka gwada, wane hasashe aka sa a gaba, kuma da wane gwaji aka yi lissafin.

Ƙididdiga ba ta tabbatar da komai irin tabbacin da ake nufi a rediyo. Aikinta shi ne ta ɗauki samfur, wato ɗan abin da aka ɗiba, ta faɗi iya nisan da za a iya dogara da shi wajen yin magana a kan sauran da ba a gani ba. Mai sayen masara a kasuwar Giwa ya san wannan. Yakan zura hannu cikin buhu ya ɗibo, ya duba, kuma ya san tafi guda daga bakin buhu ɗaya ba ya ba da labarin mota guda.

Mu ƙaddara misali, mu bi shi har ƙarshe. Ɗalibi yana son ya gwada sabon irin masara da tsohon iri. Kowane manomi ya raba gonarsa biyu, rabi sabon iri, rabi tsoho. Bayan girbi aka auna, aka ga a kashi 60 cikin 100 na gonakin sabon iri ne ya fi yawan amfani. Hasashen da ake farawa da shi a irin wannan aiki shi ne babu bambanci tsakanin iri biyun. Idan haka ne, a kowace gona wanda ya yi nasara dace ne kawai, rabi da rabi. Adadin nan da ake kira `p` yana amsa tambaya guda ce: in da gaske babu bambanci, sau nawa dace kaɗai zai kawo sakamakon da ya kauce wa rabi da rabi kamar wannan, ko fiye?

To, gona nawa? Idan goma ce, kashi 60 na nufin gona shida da gona huɗu. Manomi ɗaya ne tsakaninsa da kunnen doki. Lissafi ya nuna cewa ko da iri biyun ɗaya suke sak, a gona goma za a samu shida da huɗu ko abin da ya fi haka karkata kusan sau uku cikin huɗu, wato `p` wajen 0.75. Wannan ba shaida ba ce ko kaɗan. Idan kuma gona dubu ce, 600 da 400, damar dace ya haifar da haka ba ta kai ɗaya cikin biliyan ba. Dukansu biyu a rediyo "kashi 60" za a ce, da murya iri ɗaya.

Akwai wata hanyar ganin abin da ta fi sauƙi. Kowane kaso da aka samo daga samfur yana da 'yar tazara ta kuskure a gefe da gefe. A gona goma tazarar ta kai wajen maki 30 sama da ƙasa, ma'ana gaskiyar na iya zama ko'ina daga kashi 30 zuwa 90. A gona ɗari ta dawo wajen maki 10, daga 50 zuwa 70. A gona dubu wajen maki 3 ce kacal. A lura da yadda take raguwa a hankali: sai an ninka samfur sau huɗu kafin tazarar ta ragu da rabi. Shi ya sa idan na ga kaso babu adadin waɗanda aka ƙirga a gefensa, nakan ɗauka ba a gama rubuta jimlar ba.

Yanzu mu tsaya a gona ɗari, domin a nan rikicin yake. Sabon iri ya ci 60, tsoho ya ci 40. Ga umarni uku a R, manhajar lissafin ƙididdiga, duk a kan bayanai iri ɗaya:

```r
binom.test(60, 100, p = 0.5)
binom.test(60, 100, p = 0.5, alternative = "greater")
prop.test(60, 100, p = 0.5, correct = FALSE)
```

Na farko zai ba da `p-value = 0.05689`. Na biyu zai ba da `0.02844`. Na uku kuma `0.0455`. Duk wanda ya riƙe 0.05 a matsayin iyaka, wato sai `p` ya gaza haka a ce akwai shaida, na farko ya ce masa babu isasshiyar shaida, sauran biyun sun ce akwai. Ba a ƙara gona ko ɗaya ba, ba a sake auna buhu ko ɗaya ba.

Bambancin na farko da na biyu hasashe ne. Na farko yana tambaya ko iri biyun sun bambanta, ko ta wane gefe, don haka yana ƙirga damar sabon iri ya ci 60 ko fiye, ya haɗa da damar tsoho ya ci 60 ko fiye. Na biyu gefe ɗaya kawai yake kallo, ko sabon iri ya fi. Ya yar da rabin lissafin, shi ya sa adadinsa ya zama rabi daidai. Gwajin gefe ɗaya ba haramun ba ne, amma sharaɗinsa shi ne a yanke shawarar amfani da shi tun kafin shuka, a rubuta, a kuma faɗi dalili. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne ɗalibi ya gwada na farko, ya ga 0.057, gabansa ya faɗi, wani abokinsa ya nuna masa inda zai canza, ya dawo da 0.028 yana murna. Wannan a wurina maguɗi ne, ko da wanda ya yi bai san ya yi ba. Kuma mai karatu ba shi da hanyar ganewa muddin `p < 0.05` kawai aka rubuta masa.

Na uku kuwa hasashensa ɗaya da na farko, gwajin ne daban. Na farko yana ƙirga damar daidai wa daida. Na uku kintace yake yi ta hanyar da ke kusantar amsa idan samfur yana da yawa. A gona dubu ba za a damu da bambancinsu ba, domin duk biyun sun yi ƙasa ƙwarai. A gona ɗari, kusa da iyaka, ɗan bambancin nan shi ke juya hukunci. A gona goma kuwa kintacen bai ma dace a yi amfani da shi ba.

Ita kanta iyakar 0.05 ba daga sama ta sauko ba. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila, shi ya yayata ta a 1925 a matsayin ma'auni mai sauƙin aiki. Shaidar da ke cikin 0.046 da wadda ke cikin 0.057 kusan ɗaya ce. Amsar gaskiya a gona ɗarin nan ita ce akwai alamar sabon iri ya fi, alamar ba ta da ƙarfi sosai, kuma ya kamata a sake gwadawa wata damina. Wannan jimla ba ta da daɗin faɗa a rediyo, amma ita bayanan suka iya ɗauka.

Wani kuskure da nake ji har daga bakin masu digiri shi ne a ce `p` na 0.03 na nufin akwai tabbacin kashi 97 cewa sabon iri ya fi. Ba haka ba ne. An lissafa adadin ne bisa ƙaddarawar cewa babu bambanci, don haka ba zai juyo ya faɗi damar ƙaddarawar ta zama gaskiya ko ƙarya ba. Kuma ba ya faɗin girman bambancin. Sabon iri na iya cin gona 600 cikin 1000 alhali abin da ya ƙara a kowace gona bai wuce mudu biyu ba, wanda ba zai biya kuɗin irin ba.

Ko an faɗi adadin samfur ma, sai an tambayi yadda aka ƙirga shi. Idan "ɗari" ɗin nan gona goma ce aka auna kunya goma a kowace, ba ɗari ba ce. Kunyoyin gona ɗaya ƙasarsu ɗaya, ruwansu ɗaya, manominsu ɗaya, takinsu ɗaya, don haka labarin da suke bayarwa kusan ɗaya ne. Manhaja ba ta san wannan ba, duk abin da aka zuba mata shi take lissafawa, sai ta fito da `p` ƙarami wanda bai cancanta ba. Haka kuma idan dukan gonakin a fadama suke, sakamakon bai ce komai a kan gonar tudu ba, ko da gona dubu ce.

Saboda haka idan ɗalibi ya turo irin wancan saƙo, tambayoyi ake mayar masa, ba amsa ba. Gona nawa, kuma ta yaya ka zaɓe su? Me ka rubuta za ka gwada kafin ka ga sakamako, gefe ɗaya ko biyu? Wane gwaji ka yi, kuma mene ne ainihin adadin da ya fito? Tambayar da za a iya amsawa ga yadda take: "Malam, gona 100 ce, kowace ta manomi daban, an zaɓe su da ƙuri'a daga jerin manoman ƙauyuka biyar. Sabon iri ya fi a 60. Hasashena rabi da rabi ne, gefe biyu, na yi `binom.test`, na samu 0.057. Yaya zan rubuta?" Wannan zan ce masa ya rubuta 60 cikin 100, ya sa tazarar daga kashi 50 zuwa 70 a gefensa, ya sa 0.057 yadda take ba tare da ya taɓa ta ba, sannan ya koma kan ma'aunin buhunan ya faɗa mana kilo nawa sabon irin ya ƙara a kowace kadada.